Sulhu Tsakanin Ɗalibai: Yadda Ake Koyon Raba Rigima Ta Hanyar Kwaikwayo

Sulhun ɗalibai wani tsari ne da makarantu ke amfani da shi, inda ake horar da yara su zauna tsakanin 'yan'uwansu biyu da suka sami saɓani, su taimaka musu su warware matsalar da kansu, ba tare da an kai ƙara wurin malami ba. Ba a koyon wannan aiki da karatu kawai. Babbar hanyar koyar da shi ita ce kwaikwayo: a ƙirƙiri wata rigima irin wadda ke faruwa a makaranta, wasu ɗalibai su fito a matsayin masu faɗan, wasu kuma su zama masu sulhu, a yi ta maimaitawa har matakan su zauna musu. Abin da ya fi wahala a cikin horon gaba ɗaya shi ne mai sulhu ya saba da kame bakinsa daga yanke hukunci, kuma a kan wannan aka gina kusan kowane sashe na kwaikwayon.

Inda tsarin ya samo asali

A Amurka aka fara tsara wannan aiki a makarantu. A shekarar 1972 mabiya ɗarikar Kirista ta Kwaka suka fara wani shiri a birnin New York na koya wa yara fuskantar saɓani ba tare da duka ba. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar Community Boards ta birnin San Francisco, wadda ke sasanta maƙwabta a unguwanni, ta shigar da irin aikinta makarantu, ta horar da yara su riƙa raba rigima a filin wasa lokacin tara. Wasu 'yan'uwa biyu masana ilimi a Jami'ar Minnesota, David Johnson da Roger Johnson, sun tsara nasu shirin wanda ke horar da kowane ɗalibi a aji, aikin sulhun kuma ya riƙa zagayawa a tsakaninsu. A ƙasar New Zealand an fara irin wannan shiri a 1991, ya kuma bazu a makarantun ƙasar.

Daga nan aka sami hanyoyi biyu da ake bi har yau. Wasu makarantu kan zaɓi 'yan ɗalibai kaɗan su ba su horo mai zurfi na kwana biyu ko uku. Wasu kuma kan koyar da ajin duka a hankali cikin zango. Hanya ta farko ta fi sauƙin gudanarwa. Ta biyu ta fi cin lokaci, amma tana da riba guda: ranar da rigima ta gaske ta taso, su ma masu faɗan sun riga sun san ƙa'idojin zaman.

Bambancinsa da sulhun da aka saba

Sulhu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dattijo ko mai unguwa yakan saurari ɓangarori biyu, ya nuna wa mai laifi laifinsa, ya ba wanda aka zalunta haƙuri, a tashi. Wannan yana tafiya ne saboda girman dattijon da nauyin maganarsa. Ɗalibi ɗan shekara goma sha uku ba shi da wannan girma a idon abokan karatunsa. In ya ce "kai ne mai laifi", sai rigimar mutum biyu ta koma ta mutum uku. Saboda haka aikinsa ya tsaya a kan tsare zaman: ya tabbatar kowa ya yi magana, kowa an ji shi, sannan masu faɗan su fito da mafita da bakinsu. Shi ke riƙe da tsarin tattaunawar, su kuma su ke riƙe da sakamakonta.

Akwai dalili na biyu. Idan malami ya raba faɗa, yawanci yana da minti biyu ne kafin ya koma kan darasi, sai ya tsawata, ya sa a ba juna hannu. Faɗan ya tsaya a gabansa, amma abin da ya haddasa shi yana nan, sai a ƙarasa a hanyar gida. Yarjejeniyar da yara suka ƙulla da kansu ta fi daɗewa, domin babu wanda zai ce dole aka yi masa.

Yadda ake shirya kwaikwayon

Ana raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar: masu faɗa biyu, masu sulhu biyu, da mai lura ɗaya. Ajin da ke da ɗalibai 60 zai ba da rukuni 12, kuma tun da hayaniyarsu ba za ta yiwu a ɗaki ɗaya ba, akan fitar da wasu baranda ko gindin bishiya. Ana sa masu sulhu biyu ne don in ɗaya ya rikice ɗayan ya karɓa, kuma zargin son kai ya ragu.

Malami yakan rubuta takardu uku kafin darasi. Ta farko ta kowa ce, tana ɗauke da abin da duk ajin ya gani. Sauran biyun na sirri ne, kowane mai faɗa da tasa, suna ɗauke da abin da shi kaɗai ya sani da abin da ya fi damunsa. A ƙasan kowace takardar sirri akan rubuta umarni cewa kada a faɗi wannan bayani sai an yi tambayar da ta dace. Wannan umarni shi ne ƙashin bayan horon. Mai sulhun da ya yi gaggawar hukunci ba zai taɓa jin abin da ke cikin takardun ba, kuma idan aka buɗe su a ƙarshe zai ga da idonsa abin da ya wuce shi.

Darasi mai minti 40 ya isa zagaye ɗaya: minti 5 na karanta takardu, 15 na kwaikwayon, 15 na bita, sauran kuma na rufewa. A darasi na gaba sai a sauya matsayi, har kowa ya ɗana kujerar mai sulhu. Ana ba 'yan wasan sunayen da babu mai su a ajin, kuma ba a ɗauko rigimar da ke ci a lokacin tsakanin wasu ɗalibai na gaske. An fi so a yi zaman da harshen da yaran ke faɗa da shi a filin wasa, ko da kuwa da wani harshe ake koyar da su a aji, domin da wuya yaro ya faɗi abin da ya ƙona masa rai da harshen da yake lalube a cikinsa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Ga irin labarin da ake ƙirƙira wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare. Takardar kowa ta ce: Talatu ta ara wa Jummai littafinta na rubutun lissafi ranar Alhamis, da alkawarin za ta dawo da shi Juma'a. Sai Litinin ya dawo, a jiƙe, shafi uku sun goge. Talatu ta kira Jummai marar amana a gaban 'yan aji, Jummai ta jefa mata littafin, har ya faɗi ƙasa. Takardar sirrin Talatu ta ce akwai gwajin lissafi ranar Laraba, shafukan da suka goge su ne na darasin da za a tambaya, kuma tana tsoron faɗuwa. Ta Jummai ta ce ranar Juma'a ta raka mahaifiyarta asibiti, ƙanenta ne ya zubar da ruwa a kan littafin, kunya ta hana ta faɗa, kuma kalmar "marar amana" ta fi komai yi mata ciwo.

Matakin farko shi ne buɗe zama. Masu sulhu su zauna kusa da juna, masu faɗa su zauna daidai nisa ɗaya da su. Ɗaya daga cikin masu sulhu ta ce: "Mu ba alƙalai ba ne, ba za mu ce wance ce ke da gaskiya ba. Ƙa'ida huɗu ce: ba katse magana, ba zagi, a faɗi gaskiya, a yi niyyar warware matsalar. Abin da aka faɗa a nan ba zai fita ba, sai dai in akwai wanda ke cikin haɗari, wannan dole mu gaya wa malama. Talatu, kin yarda? Jummai, kin yarda?" Ana tambayar kowacce da sunanta, domin in ta karya ƙa'ida daga baya, alkawarinta za a tuna mata. Wadda ta ce ba ta yarda ba, ba a tilasta mata, zaman ya ƙare ke nan.

Mataki na biyu shi ne jin labari. Kowacce ta faɗi abin da ya faru tana kallon masu sulhu, ba abokiyar faɗanta ba. Talatu za ta iya cewa: "Na taimake ta, ta lalata mini littafi, ko a jikinta. Haka take, ba ta da amana." A nan ake gane mai sulhun da ya ƙware, domin aikinsa ne ya maimaita maganar a taƙaice, ya riƙe abin da ya faru da yadda mai maganar ta ji, ya zubar da zagin. Sai ta ce: "Kin ara mata littafi, ya dawo a makare kuma a jiƙe, ranki ya ɓaci. Haka ne?" In Talatu ta ce ba haka ba ne, sai a gyara har ta amince. Sannan a yi wa Jummai daidai yadda aka yi wa Talatu, da lokaci iri ɗaya.

Mataki na uku shi ne tono abin da ke ƙarƙashin maganar. Masana sasanci, musamman Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard a littafinsu na 1981, sun bambanta abin da mutum ke cewa yana so da buƙatar da ta sa yake son sa. Talatu na cewa sai an saya mata sabon littafi. Jummai na cewa ba za ta saya ba. In aka tsaya a nan babu inda za a je. Sai mai sulhu ta tambaya: "Talatu, mene ne ya fi damun ki game da shafukan nan?" A nan maganar gwajin Laraba za ta fito, kuma kowa zai ga cewa sabon littafi babu rubutu ba zai yi mata maganin komai ba. Sai a juya: "Jummai, me ya faru tsakanin Alhamis da Litinin?" Labarin asibiti ya fito. Ana koya wa masu sulhu su guji tambayar "don me kika yi haka?", domin tana da ƙamshin tuhuma, tana sa mutum ya fara kare kansa. "Me ya faru?" da "yaya kika ji?" su ke buɗe baki. Idan bayanin ya fito, akan nemi kowacce ta faɗi abin da ta ji ɗayar ta ce. Sau da yawa a nan zafin ke sauka, domin a karon farko kowacce ta tsaya ta saurara.

Mataki na huɗu shi ne neman mafita. Tambayar ita ce: "Me ke za ki iya yi don a gyara?" Ba a tambayar me ɗayar ya kamata ta yi. Ana rubuta duk shawarar da suka kawo ba tare da an soke ta ba, a nemi aƙalla uku kafin a fara tacewa. Idan suka yi shiru, masu sulhu su ma su yi shiru su jira. Wannan shirun yana da nauyi ga yaro, kuma kusan kowane sabon mai sulhu yakan cike shi da shawararsa.

Mataki na biyar shi ne yarjejeniya. Dole ta nuna wa zai yi me, kuma yaushe. "Za mu zauna lafiya" ba yarjejeniya ba ce, domin babu yadda za a gane an cika ta. A wannan misali za ta iya kasancewa haka: Jummai za ta aro littafin wata ɗaliba ta kwafe wa Talatu shafuka ukun kafin tara ranar Talata. Talatu za ta janye kalmar da ta faɗa a gaban 'yan matan da suka ji ta. Za a sake haɗuwa ranar Juma'a a ga ko an cika. Kowacce tana da abin yi, kuma duk abin yana cikin ikonta. A rubuta, su sa hannu, masu sulhu su gode musu.

Bita bayan wasa

Kafin a fara bita sai a fitar da 'yan wasan daga matsayinsu. Su tashi daga kujerun, su faɗi sunayensu na gaskiya, su ajiye takardun. In ba a yi haka ba, sunan "marar amana" na iya bin wadda ta fito a Jummai har filin wasa.

Masu sulhu ne ke fara magana, su faɗi inda suka ji sauƙi da inda suka kakare. Sai masu faɗa su amsa tambayoyi biyu: a ina kika ji an saurare ki, kuma a ina kika ji an karkata? Sannan a buɗe takardun sirri a ga abin da ya fito da wanda bai fito ba. Mai lura ne ke zuwa ƙarshe, da takardarsa mai tambayoyi kaɗan da ake amsawa da abin da aka gani: an faɗi ƙa'idoji? An maimaita maganar kowacce? Sau nawa mai sulhu ta ba da shawara? Wa ya kawo mafitar da aka ɗauka? Ana hana mai lura cewa "sun yi ƙoƙari" ko "ba su iya ba". Ana so ya kawo ainihin kalmar da aka faɗa da abin da ya biyo bayanta.

Kurakuran da ake yawan yi da alamominsu

Kuskure mafi yawa shi ne mai sulhu ya koma alƙali ko mai wa'azi. Alamarsa a fili take: muryarsa ta fi ta masu faɗan yawa, kuma ana jin "ya kamata ki" da "ai da kin". Na biyu shi ne gaggawar neman a ba da haƙuri. In zaman ya ƙare cikin minti uku da "ki yi haƙuri" da "ba komai", alhali takardun sirri ba su fito ba, to ba a yi sulhu ba, an dai rufe maganar. Ba da haƙuri abu ne mai kyau, amma wurinsa bayan an ji abin da ya faru. Na uku shi ne karkata da ba a yi niyya ba: yawan kallon ɓangare ɗaya, gyaɗa masa kai, ko fara da shi a kowane mataki. Maganinsa shi ne a riƙa sauya wanda ke fara magana.

Su ma 'yan wasan suna ɓata horo. Wani yakan sauko da wuri don ya taimaki abokinsa mai sulhu, wani kuma yakan kafe don ya ba aji dariya. Shi ya sa ake rubuta a takardar sirri sharaɗin da zai sa a sauko, misali "ki sassauta idan an maimaita maganarki daidai".

Kuskuren malami shi ne shiga. Wurinsa a lokacin kwaikwayo shi ne gefe, yana zagayawa yana rubutu. Idan rukuni ya kakare, akan ba masu sulhu damar ɗaga hannu su dakatar da wasan, su yi shawara tsakaninsu na minti ɗaya, su ci gaba. Malamin da ke gyara kowace jimla yana koya wa yara su riƙa waiwayensa, wato ainihin ɗabi'ar da ake son a rage. Ba ya tsoma baki sai in wasan ya koma faɗan gaske, ko wani yaro ya shiga damuwa ta haƙiƙa.

Rigingimun da ba na ɗalibai ba ne

Sulhun ɗalibai ya dace da saɓani tsakanin tsara masu ƙarfi ɗaya: aron kaya, tsegumi, rigimar wurin zama, layin famfo, rabon shara, gardamar ƙwallo. Bai dace da cin zali ba, wato inda mai ƙarfi ke maimaita cutar da marar ƙarfi. A irin wannan zama wanda ake zalunta zai amince da komai don tsoro, kuma zaman kansa yana nuna kamar laifin na su biyu ne. A makarantun kwana, abin da ke tsakanin babban ɗalibi da ƙarami sau da yawa yana cikin wannan rukuni. Haka nan duk abin da ya shafi makami, rauni, ƙwaya, cin zarafi ta hanyar lalata, barazanar cutar da kai, ko dukan da ake yi wa yaro a gida, na manya ne.

Saboda haka horo mai kyau yana haɗawa da kwaikwayon da amsarsa daidai ita ce a tsayar da zama. Takardar sirri za ta iya cewa abokin faɗan ya daɗe yana ƙwace wa yaron kuɗin tara, kuma ya yi masa barazana in ya faɗa. Ana so masu sulhu su lura da alamomin: ɗaya ba ya ɗaga kai, yana amsa komai da "to", yana satar kallon ɗayan kafin ya yi magana. Sai su ce cikin natsuwa: "Wannan magana ta fi ƙarfinmu, za mu kai ta wurin malam." Rukunin da ya yi haka ya ci gwajin, wanda ya ƙulla yarjejeniya kuwa ya faɗi.

Daga kwaikwayo zuwa aikin gaske

Ba a tura ɗalibi sulhun gaske sai ya yi kwaikwayo sau da dama, daga mai sauƙi zuwa mai zafi, kuma ya iya bin matakan ba tare da duba takarda ba. Wajen zaɓe, ba a taƙaita ga masu ƙoƙarin karatu ko monitoci ba. Monita ya saba rubuta sunan masu surutu, kuma yara na kallon sa a matsayin idon malami. An fi samun karɓuwa idan masu sulhu sun fito daga kowane irin rukuni, maza da mata, masu shiru da masu baki, har da waɗanda su kansu suka taɓa yin suna a faɗa. Ba a sa ɗalibi ya sasanta rigimar amininsa ko ɗan'uwansa.

Makaranta kuma tana da nata nauyin. Tana ware wuri da lokaci, yawanci lokacin tara, inda malami mai kula da shirin yake kusa, yana hangen zaman amma ba ya jin abin da ake faɗa. Takardun yarjejeniya suna wurinsa a ajiye. Yakan tara masu sulhu a kai a kai su tattauna abin da ya ba su wahala ba tare da ambaton suna ba, a mai da shi sabon kwaikwayo. Idan sulhu ya gaza ko an karya yarjejeniya, maganar takan koma ga hanyar ladabtarwa ta makaranta, kuma ba a amfani da abin da aka faɗa a zaman don hukunta kowa. Tun da kowace shekara manyan ɗalibai na kammalawa, sai an horar da sababbi a farkon kowace shekarar karatu, tsofaffin masu sulhu kuma su ne ke fitowa a matsayin masu faɗa da masu lura a kwaikwayon ƙannensu.